Kundin aikin hotunan awon bayan gida: ƙwan tsutsa da sist

13 ga Janairu, 2025

Aikin da muka sa a gaba shi ne tara hotunan da ake ɗauka da waya ta bakin madubin awo, na bayan gida da aka dama a ɗigon ruwan gishiri ko na aidin, mu rubuta wa kowane hoto sunan abin da ke cikinsa. Sababbin ma'aikata za su koya da su, wanda yake aiki shi kaɗai kuma ya samu abin kwatantawa. Mu uku ne: ni, da Hajiya wadda ta fi mu daɗewa a kan madubi, da wani ɗalibi da ke ɗaukar mana hotunan.

Yau na bi tsofaffin hotunan da abokan aiki suka turo. Mafi yawansu suna da kyau a ido, amma da na zo saka suna sai hannuna ya tsaya. Wanda ke zaune a gaban madubi yana da abu biyu da mai kallon hoto ba shi da su. Ya san gilashin da yake kallo da shi, saboda haka ya san girman abin da ya gani. Sannan yatsunsa suna kan ƙaramin fokas, yana murɗawa sama da ƙasa ba tare da ya ma lura ba. Hoto ya zubar da duka biyun. Abu mai zagaye, ruwan ƙasa, a tsakiyar allo, yana iya zama sist, wato ƙwayar cutar ciki da ta dunƙule cikin ɓawo, mai maikiron 12, yana iya zama ƙwai mai maikiron 60, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma babu abin da zai raba maka gardama in ba a faɗa maka gilashin ba.

Mun yanke cewa kowane hoto zai faɗa ɗaya daga gida uku: wanda ya isa a saka masa suna, wanda ya isa a ce ana zargin kaza amma sai an koma kan silaid, da wanda ba ya karantuwa. Na nace a kan gida na biyu, domin shi ne mutane ke jin kunyar amfani da shi.

21 ga Janairu

Mun gama da maganar ma'auni, kuma komai na gaba a kansa zai hau.

Akwai silaid na musamman mai ɗauke da layi na milimita ɗaya da aka raba gida ɗari, kowane gida maikiron 10. Muka ɗora shi, muka ɗauki hotonsa da gilashin 10x da na 40x, da wayar da za mu riƙa aiki da ita, a kan mariƙinta, ba a jawo hoton ko kaɗan ba. A hoton 40x, gida goma, wato maikiron 100, ya ci fiksel 620. Kenan maikiron ɗaya fiksel 6.2 ne. A manhajar awon hoto ta ImageJ ana jan layi a kan gidajen goma, a shiga `Analyze > Set Scale`, a rubuta 100 a `Known distance`, a sa alama a `Global`, daga nan duk layin da aka ja zai ba da tsawonsa kai tsaye.

Wannan lissafi na wannan waya ne da wannan madubi kaɗai. Da zarar an sa yatsa biyu an jawo hoton, ko an sauya waya, ko an tura hoton ta manhajar saƙo ta matse shi, ya rushe. Wani hoto ya iso mana da faɗin fiksel 1600 alhali wayar da ta ɗauke shi 4000 take bayarwa. Sist mai maikiron 13, wanda ya kamata ya cika fiksel 80, ya dawo 32. Da fiksel 32 ba a ƙirga cibiyoyin da ke cikin sist.

Tsofaffin hotunan fa? Akwai dabarar da ta ceci wasu. A jikin gilashin ido akwai lamba, misali `10x/18`. Idan aka raba 18 ɗin da ƙarfin gilashin ƙasa, za a samu faɗin da'irar hasken da ake gani: da 40x milimita 0.45 ne, wato maikiron 450, da 10x kuma maikiron 1800. Duk hoton da ya nuna da'irar gaba ɗaya, daga gefe zuwa gefe, ya zo da ma'auninsa a jikinsa, ko an matse shi, muddin an san madubin da gilashin. Na gwada a namu: da'irar ta ci fiksel 2790, a raba da 450, 6.2 ya fito cif. Don haka doka ta farko ga ɗalibinmu: kada ya yanke baƙin gefen hoto don ya yi kyau.

3 ga Fabrairu

Ƙwayayen tsutsa. Wasu ba su ba mu wahala ba. Na Trichuris trichiura, mai maikiron 50 zuwa 55 a tsaye da toshi mai haske a kowane kai, ko a hoto mai dishi-dishi ana gane shi. Haka na Schistosoma mansoni, ƙato ne, ya haura maikiron 110, ga ƙayarsa a gefe. Abin lura kawai shi ne ƙayar tana iya kwantawa a ƙarƙashin ƙwan ko a samansa. A kan madubi sai a ɗan taɓa murfin gilashin ƙwan ya mirgina. Mai ɗaukar hoto ne zai yi wannan kafin ya danna.

Inda muka daɗe shi ne Ascaris lumbricoides da ya tuɓe rigarsa. Ƙwan Ascaris da kowa ya sani yana da ɓawon waje mai gurje-gurje, ruwan ƙasa saboda ruwan maɗaciya ya rina shi. Amma wani lokaci wannan ɓawon yana saluɓewa, ƙwan ya fito sumul, fari-fari. Sabon ma'aikaci yana ganin ƙwai mai santsi mara launi sai ya rubuta tsutsa mai ƙugiya.

Ga hoton da muka yi ta ja a kansa. Ɗalibin ya kawo shi da suna a rubuce.

"Malam, wannan mai ƙugiya ce. Ba shi da gurje ko ɗaya."

Na ce ya auna. Fiksel 372 a tsaye, 285 a kwance, wato maikiron 60 da 46. Tsawon bai raba gardama ba, domin ƙwan mai ƙugiya 60 zuwa 75 ne, na Ascaris 45 zuwa 75. Faɗin ne ya fara magana: na mai ƙugiya yakan tsaya a 35 zuwa 40, wannan kuwa ya fi haka ƙiba. Sai muka duba ɓawon. Na mai ƙugiya siriri ne ƙwarai, layi ɗaya tak kamar an ja da bakin alƙalami. A wannan hoton layi biyu ne, da tazara mai sheƙi a tsakaninsu da ta kai fiksel 20, maikiron 3 da ɗoriya. Na uku shi ne abin da ke ciki. Ƙwan mai ƙugiya a sabon bayan gida ya riga ya fara rabuwa, za ka ga dunƙule huɗu zuwa takwas, da fili fayau tsakaninsu da ɓawo. Na Ascaris yana fitowa bai rabu ba, dunƙule ɗaya, da ɗan sarari a kai da gindi. Hoton dunƙule ɗaya ya nuna. Ascaris ne.

Na fi amincewa da kaurin ɓawo a kan sauran alamun biyu. Faɗi yana iya ruɗi idan ƙwan ya kwanta a karkace, abin ciki kuma yana ci gaba da rabuwa idan samfurin ya jima a ajiye. Ɓawo ba ya sauyawa. Sai dai shi ma yana da sharaɗi a hoto: dole fokas ya zauna a tsakiyar ƙwan, inda gefensa ya fi kaifi. In ya zauna sama da nan, siririn ɓawo yakan yi inuwa ya zama kamar mai kauri.

Ƙwan mai ƙugiya kuma sunan da za mu rubuta masa ke nan, babu ƙari. Ba a raba jinsunanta biyu, Necator americanus da Ancylostoma duodenale, ta ƙwai, haka ba a raba Taenia saginata da Taenia solium.

11 ga Fabrairu

Taenia da garin fure. Dukansu zagayayyu ne, ruwan ƙasa, masu kaurin bango da zane-zane, kuma akwai garin furen da girmansa ya faɗa daidai maikiron 30 zuwa 40 na ƙwan Taenia. Shaidar da ba a musu da ita ita ce ƙugiyoyin ɗan tayin da ke ciki, guda shida. Ba lallai a ga shidan ba, amma sai an ga wasu. Hotuna da yawa sun nuna zanen bango sarai, cikin kuma duhu, saboda an daidaita fokas a kan bangon don shi ya fi ɗaukar ido. Duk waɗannan sun tafi gida na biyu. Daga yau ƙwai mai zane hoto biyu yake samu, ɗaya a bango, ɗaya a ciki.

17 ga Fabrairu

Gyaran dama samfur, ba wani sabon abu. Abin da tsinke ya ɗauko a bakinsa, kimanin miligiram 2, a ɗigo ɗaya, har ya zama ana iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Ido yana iya haƙuri da silaid mai kauri, yana kutsawa tsakanin tarkace da fokas. Kyamara ba ta iyawa, duk abin da ke sama da ƙasa sai ya zama hazo a kan abin da ake so. Mun kuma rage buɗin kwandensa, mai tattara haske a ƙarƙashin silaid, kaɗan, domin a ruwan gishiri sist da ƙwan mai ƙugiya ba su da launi, haske mai yawa yana wanke su.

26 ga Fabrairu

Yau ne muka kai ga abin da ya fi damuna tun farkon aikin.

Sist ɗin Entamoeba ana raba su da girma da yawan cibiyoyi. Na Entamoeba histolytica, mai kawo atuni da ƙurjin hanta, yakan kai maikiron 12 zuwa 15, kuma idan ya nuna cibiyoyinsa huɗu ne. Na Entamoeba coli, wadda ba ta cutarwa, yakan fi girma, 15 zuwa 25, cibiyoyinsa takwas. A takarda abin a rarrabe yake. Amma gilashin 40x ba ya nuna fili sai abin da ke cikin kaurin maikiron ɗaya ko kusa da haka, alhali sist dunƙulalle ne, zurfinsa daidai da faɗinsa. Kamar gidan bene ne mai hawa goma sha biyar, hoto ɗaya hawa ɗaya yake leƙawa, cibiyoyin kuwa sun warwatsu a hawa daban-daban.

Samfurin yau ya ba mu misali mai kyau. A aidin, ɗalibin ya ɗauki sist guda, zagayayye, bango mai tsabta. Fiksel 99, wato maikiron 16, daidai inda jinsunan biyu suke haɗuwa. Cibiyoyi uku sun fito sarai, ta huɗu tana ɗan leƙowa. Duk wanda aka tura wa wannan hoton zai ce huɗu, ya rubuta histolytica. Silaid ɗin bai bushe ba tukuna, sai Hajiya ta zauna ta murɗa fokas a hankali daga saman sist ɗin zuwa ƙasansa.

"Ɗana, zo ka gani," ta ce da shi. "Waɗannan biyun da suka taso yanzu, suna cikin hotonka?"

"A'a, Hajiya, ba su."

Muka ɗauki jerin hotuna ba tare da an motsa silaid ba, ana ɗan murɗa fokas tsakanin kowane biyu. A nan akwai tarko na biyu: ba a tara ƙirgen hotunan. Cibiya ɗaya tana iya bayyana a hoto biyu ko uku da ke jere, wanda ya tara sai ya samu goma sha biyu. Abin da muka yi shi ne zana da'ira a takarda, mu sa ɗigo a mazaunin kowace cibiya, mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sabon ɗigo sai ga wadda ta fito a sabon wuri. Ɗigo shida muka samu. Ba mu ga takwas ba, kuma ba ma bukatar su. Da an wuce huɗu magana ta ƙare, Entamoeba coli ce.

Don haka ƙa'idar da na rubuta ita ce: adadin da aka ƙirga a hoto ɗaya shi ne mafi ƙaranci, ba shi ne adadin ba. Hoto mai cibiya biyar ko fiye ya isa a saka masa suna shi kaɗai. Hoto mai huɗu ko ƙasa da haka bai isa ba, sai da jeri daga sama har ƙasa. Ko da jerin ma, sist ɗin coli da bai gama nuna ba yana iya zuwa da cibiya biyu ko huɗu, don haka sai an duba girmansa da 'yan uwansa da ke cikin silaid ɗin. Kuskuren kuma gefe ɗaya yake karkata, kullum daga marar cutarwa zuwa mai cutarwa, domin hoto rage cibiyoyi yake yi. Sakamakonsa mutum ya sha maganin da ba ya bukata, a kuma daina neman ainihin abin da ke damun cikinsa. Wannan ne ya sa nake tsaurarawa a nan fiye da ko'ina.

Idan jerin ya tabbatar da huɗu, girman kuma ya kai maikiron 10 ko fiye, abin da za a rubuta shi ne `E. histolytica/E. dispar`. Tun 1993 Diamond da Clark suka tabbatar da cewa jinsi biyu ne masu kama ɗaya a madubi, ɗaya yana cutarwa ɗaya ba ya yi, kuma a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa sunayen biyu a rahoton madubi. Abin da ido a kan madubi bai iya rabawa ba, hoto ba zai raba ba. Mai cibiya huɗu da bai kai maikiron 10 ba kuwa Entamoeba hartmanni ce, ita ma ba ta cutarwa, kuma ma'auni kaɗai ke fitar da ita. Hoton da ba shi da ma'auni ba shi da bakin magana a wannan gardamar.

5 ga Maris

Mun gwada bidiyo a madadin jerin hotuna: daƙiƙa kaɗan, hannu yana murɗa fokas a hankali daga sama zuwa ƙasa ya dawo. Ya fi sauƙi ga mai ɗauka, kuma mai kallo yana ganin cibiyoyi suna tasowa suna nutsewa kamar yana kan madubin. Sharaɗinsa a kulle fokas da hasken wayar tukuna, in ba haka ba ita ma tana nata gyaran, kana naka. Kuma bidiyo ba shi da yawan fiksel ɗin hoto, saboda haka ma'auninsa daban ne. Mun tsaya a kan hoto ɗaya na awo, bidiyo ɗaya na ƙirga.

12 ga Maris

Aidin da launi. Waya tana gyara launi da kanta, in ta ga fili rawaya sai ta yi ƙoƙarin mayar da shi fari, sist ya fito toka-toka. Saboda haka na cire launi daga cikin alamun da muke dogara da su, sai dai bambancin duhu a cikin hoto ɗaya, kamar babban ƙullin da ke rinewa ruwan ƙasa mai duhu a sist ɗin Iodamoeba bütschlii mai cibiya ɗaya. Aidin ɗin aiki kuma in ya jima yana kodewa, cibiyoyi su daina fitowa, gara a sabunta shi duk mako biyu. Wani abu da ake mantawa: sandunan da ke cikin sist ɗin Entamoeba, masu zagayayyen baki a histolytica, masu tsage-tsage a coli, sun fi fitowa a ruwan gishiri, aidin yana ɓoye su. Duk samfurin da ake zargi muna son hotonsa a ruwan biyu.

Giardia ta fi sauƙi a hoto fiye da yadda na zata. Sist ɗinta mai siffar ƙwai ne, yawanci maikiron 11 zuwa 14, da zare a tsaye a tsakiya da wasu lanƙwasassu a gicciye, sau da yawa abin cikin ya ɗan janye daga bango ya bar siririn fili. Waɗannan zaren su ne shaida, ba sai an ƙirga cibiyoyi ba. Abokin ruɗinta yis ne, amma shi ƙarami ne, maikiron 4 zuwa 8, cikinsa ba zare, kuma in ka duba kewaye za ka samu wani yana tsiro da ɗa a gefe. Wannan ma dalili ne na barin hoto da faɗinsa. Ɗigon mai da kumfar iska ana gane su da baƙin gefe mai kauri da ciki fanko, kuma girmansu ba ya daidaita, manya da ƙanana a fili ɗaya.

20 ga Maris

An tambaye mu ko za a iya turo hotuna goma na samfur mu ce babu komai. Na yi lissafin a gaban mai tambayar. Murfin gilashi mai milimita 22 a kowane gefe yana da faɗin murabba'in milimita 484. Da'irar 10x a madubinmu murabba'in milimita 2.5 ce, kenan sai fili kusan 190 kafin a gama murfi ɗaya. Da 40x sai fili wajen 3000. Hotuna goma na 40x kashi ɗaya ne cikin ɗari uku na silaid, silaid ɗin kuma miligiram 2 ne na samfurin. Ga shi Giardia ba kullum take zubar da sist ba, shi ya sa ake son samfur uku a ranaku daban-daban. Hoto yana iya tabbatar da abin da aka gani, amma rahoton babu sai wanda ya bi murfin layi-layi da 10x, ya sake duba wani yanki da 40x. Mun ƙara wa takardar turo hoto gurbi: wa ya bi silaid ɗin, kuma ya gama shi ko bai gama ba.

Inda muka tsaya: ƙwayayen tsutsa mafi yawansu sun shiga gida na farko. Tsofaffin hotunan sist kuwa kusan duk sun tsaya a na biyu, don ba su da ma'auni ko ba su da jeri, kuma silaid ɗinsu ya daɗe da bushewa. Za mu sake ɗaukar su daga samfuran da aka adana a fomalin. Bayan haka sai 'ya'yan tsutsa: na Strongyloides stercoralis da na mai ƙugiya da suka ƙyanƙyashe a samfurin da ya kwana. Ana raba su da tsawon ramin baki, gajere a Strongyloides, dogo a mai ƙugiya, kuma kafin a samu hoton bakin sai an sa aidin ya tsayar da motsinsu.